Kwantenar fankoki da bilenda: faɗuwa aka yi ko lissafi ne ya karkace?

Mai Fankoki: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akantocin cikinmu nake nema yau. Na ɗauko kwantena mai ƙafa 40 daga Guangzhou, fankoki na tsaye 800 a kan dala 15 kowace, da bilenda 1,000 a kan dala 12 kowace. Kowane ɓangare ya kama dala 12,000. Na biya lokacin dala tana 1,500, kenan kuɗin kaya naira miliyan 36. Bayan wannan ga abin da ya fita: dakon jirgin ruwa da inshora miliyan 6, kuɗin fito miliyan 8.4, sauran ƙananan harajin da ke jikin takardar kwastam miliyan 1.2, ejan da tasha da kamfanin jirgi miliyan 2.4, tirela daga Legas zuwa Kano har da 'yan sauke kaya miliyan 3. Duka miliyan 21. Yanzu na sayar da rabin kowanne, fanka a 40,000, bilenda a 30,000, ciniki ya kama miliyan 31. Yarona da ke riƙe littafi ya fitar mini da lissafi wai mun faɗi da miliyan 8. Ni kuma jikina bai ba ni an faɗi ba. Wa ke da gaskiya?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaro ya yi daidai mana. Kuɗin nan miliyan 21 ya fita daga aljihunka ko bai fita ba? In ya fita ai an kashe shi. Ka yi haƙuri ka sayar da sauran, a nan za ka ga haske.

Akanta Fagge: Allah ya ƙara arziki Alhaji. Ba ku faɗi ba. Ga yadda yaron ya yi: ya ɗauki ciniki miliyan 31, ya cire kuɗin rabin kayan kamar yadda yake a takardar mai kaya, wato miliyan 18, saura 13. Sai ya zo ya kwashe miliyan 21 gaba ɗaya ya cire daga 13 ɗin, shi ne ya samu faɗuwar miliyan 8. Matsalar ita ce miliyan 21 ɗin nan kwantena cikakkiya ta kawo Kano, shi kuma ya ɗora ta duka a kan rabin da aka sayar. Fankoki 400 da ke jibge a sitonka yanzu su ma jirgin nan suka hau, su ma an biya musu fito, su ma tirelar ce ta kawo su. Don haka nasu kason yana tare da su a sito har ranar da za a sayar da su.

Lissafin da ya dace shi ne a haɗa 36 da 21, kwantena ta tsaya maka a miliyan 57. An sayar da rabi, uwar kuɗin abin da aka sayar miliyan 28.5. Cire wannan daga 31, ribarka ta ciniki miliyan 2.5, kafin hayar shago da albashin yara. Kayan da suka rage a sito kuma a rubuta su a miliyan 28.5, ba 18 ba.

Ɗan Kwari: To Malam, in an gama sayarwa ai wuri ɗaya za a tsaya. Meye na wahalar da yaro?

Akanta Fagge: Wuri ɗaya za a tsaya, gaskiyarka. Ciniki duka miliyan 62, kwantena 57, riba 5. Amma duba hanyar da za a bi kafin a kai can. A littafin yaron, wannan zangon faɗuwar miliyan 8, zango na gaba ribar miliyan 13. Babu ɗaya daga cikinsu da ya faru. In ƙarshen shekara ya faɗo a tsakaninsu, bana ka nuna asara, baɗi ka nuna ribar da za a yi maka haraji a kanta. In kuma akwai abokin tarayya da zai janye kuɗinsa a tsakiya, da wane lissafi za a sallame shi? Da na yaron, an cuce shi. Wanda ya shigo bayansa kuma ya ci banza. Banki ma in ya zo duba kayan sito don ba da bashi, za ka nuna masa 18 alhali kana da 28.5.

Kuma ba ra'ayina ba ne. Ƙa'idar lissafin kaya ta duniya, IAS 2, wadda Najeriya ke aiki da ita tun da ta fara bin tsarin IFRS a 2012, cewa ta yi kuɗin kaya ya ƙunshi farashin saye, da kuɗin fito, da harajin da ba a dawo maka da shi, da dako, da lodi da sauke, da duk abin da aka kashe kai tsaye har kaya ya iso inda yake a yanayin da yake. Rangwamen da mai kaya ya yi maka kuma a cire shi daga ciki.

Mai Fankoki: Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. To yanzu nawa fanka ɗaya ta tsaya mini? Wannan shi ne abin da na fi buƙata, saboda 'yan sari na Sabon Gari suna matsa mini in ba su a 38,500.

Ɗan Kwari: Wannan mai sauƙi ne. Kaya guda 1,800 ne, raba miliyan 21 da 1,800, kowanne ya ɗauki wajen 11,670. Fanka da ma 22,500 take a takarda, ta koma 34,170. Ba su a 38,500 Alhaji, kana da fiye da dubu huɗu a kowace.

Ejan Apapa: Alhaji kar ka amsa musu tukuna. Tura mana takardar jerin kayan, wadda ke nuna CBM na kowane kwali, wato girman wurin da ya ci a kwantena. Ni na san fanka, iska ce kawai ake dako. Kwantena tana cika ba ta yi nauyi ba.

Mai Fankoki: Ga abin da ke jiki: fankoki CBM 48, bilenda CBM 16, jimla 64.

Akanta Fagge: Madalla da Ejan, nan ne zancen yake. Kashi uku cikin huɗu na cikin kwantenar fankoki ne suka cinye. Kamfanin jirgi bai ƙirga guda nawa ne a ciki ba, bai kuma tambayi darajarsu ba kafin ya yanka kuɗinsa. Wuri ya sayar maka. Haka mai tirela. Saboda haka kowane kuɗi ana raba shi ne da abin da ya jawo shi.

Waɗanda wuri ya jawo su ne dakon jirgi miliyan 6, tasha da ejan 2.4, tirela 3, jimla 11.4. Fankoki su ɗauki kashi 75 cikin ɗari, miliyan 8.55, bilenda ta ɗauki 2.85. Inshorar da ke cikin miliyan 6 ɗin a gaskiya daraja take bi, amma ba ta kai a tsaya ana tsage ta ba. Kuɗin fito da ƙananan harajin, miliyan 9.6, su daraja ce ta jawo su, kuma takardar kwastam tana nuna na kowane layi daban. Tunda darajar ɓangarorin ɗaya ce kuma na ga duk kashi 20 aka yi musu, na ɗauka 4.8 kowanne, amma Alhaji ka duba takardar ka tabbatar.

Fankoki kenan 18 da 8.55 da 4.8, miliyan 31.35. Raba da 800, fanka ta tsaya a kusan 39,190. Bilenda 18 da 2.85 da 4.8, miliyan 25.65, raba da 1,000, ta tsaya a 25,650.

Ka ga a 40,000 ɗin da kake sayarwa, ribar fanka ba ta wuce naira 800 da 'yan kai ba. In ka ba 'yan sari a 38,500, kowace fanka ta tafi da kusan naira 700 daga uwar kuɗinka. Bilendar da ba ka ɗauke ta a bakin komai ba ita ke ba ka 4,350 a kowace. A cikin ribar miliyan 2.5 ɗin can, 325,000 ne kawai na fanka.

Mai Fankoki: Inna lillahi. Ni da ake kira Mai Fankoki. Da na bi lissafin Ɗan Kwari da gobe da safe na ba su guda 300.

Ɗan Kwari: Ni a atamfa haka nake yi shekara da shekaru kuma ban taɓa ganin ɓaraka ba.

Ejan Apapa: Kai dilolinka duk girmansu ɗaya, kuɗinsu kusa da juna. Ko ta ina ka raba wuri ɗaya za ka faɗa. Gwada haɗa leshi mai tsada da yadin makaranta a kwantena ɗaya ka ga yadda fito zai bambanta.

Ɗalibar Lissafi: Malam Akanta, don Allah tambaya. A aji da daraja aka koya mana rabawa. In an bi wannan, kowane ɓangare miliyan 10.5, fanka 35,625, bilenda 28,500. Kuskure ne kenan?

Akanta Fagge: Ba haramun ba ne, ƙanwata, kuma masu binciken littafi suna karɓa in dai kamfani ya tsaya a kan hanya ɗaya bai riƙa canzawa ba. Lura ma cewa a wannan karon jimlar riba ba ta motsa ba, miliyan 2.5 ce ko ta wace hanya, don an sayar da rabin kowanne daidai. Da bilenda ce ta ƙare fankoki suka zauna, jimlar ma sai ta bambanta. Abin da rabo da daraja ke ɓoyewa shi ne wane kaya ke ciyar da wane. Da lissafinki Alhaji zai ga fanka na ba shi 4,375, bilenda 1,500, sai ya cika kwantena ta gaba da fankoki zalla. In kaya sun yi kama da juna a girma, bi daraja ki huta. In ɗaya buhun auduga ne ɗaya buhun gishiri, sai an koma ga wuri ko nauyi.

Baban Yara: Ni duk wannan lissafin ban yarda da shi ba. Dala ce ke magana. Ka sayo a 1,500, in gobe ta tashi, da wane kuɗi za ka sake ɗauko wata kwantenar? Farashin yau ake bi, ba na jiya ba. Mun gani da idonmu a 2023 da 2024, mutane sun sayar da kaya suna murnar riba, suka koma saro rabin abin da suka saba.

Akanta Fagge: Baba, abin da ka faɗa gaskiya ne a wajen sa farashi. Mai hankali yana duba nawa zai maye gurbin kayan kafin ya yanka kuɗi. Amma wannan wata tambaya ce daban. Littafi yana rubuta abin da ka biya ne. Dala ta tashi, ba ka ɗaga darajar kayan sito a littafi. Abin da ake yi shi ne akasin haka: in kasuwa ta karye har abin da za ka samu bayan cire kuɗin sayarwa ya gaza abin da kaya ya tsaya maka, dole ka sauke darajarsa a littafi tun kafin ka sayar. Fankokin Alhaji ma suna bakin wannan. In sanyi ya shigo farashi ya sauka 38,000, bambancin asara ce da za a rubuta nan take. Wanda bai san sun tsaya a 39,190 ba ba zai ma ga wannan ba.

Baban Yara: To na ji. Amma ni dai farashina dalar yau yake bi.

Mai Fankoki: Akwai biyu da ban saka a sama ba, yaro ya ware su gefe. Harajin VAT da na biya a tasha, miliyan 3.87. Da kuma tarar jinkiri ta kamfanin jirgi da tasha, 900,000, saboda takardunmu sun makara. Su ma a zuba su a ciki?

Akanta Fagge: Na farko ya dogara da kai. Kashi 7.5 ne aka ɗora a kan kuɗin kaya da dako da inshora da fito da ƙananan harajin, miliyan 51.6, shi ya ba da 3.87. In kana da rajista, kana karɓar VAT a hannun masu saye kana kai wa hukumar haraji, to wannan kuɗin za ka cire shi daga abin da za ka kai musu. Bashi ne kake bi, ba ya shiga kuɗin kaya. In kuwa ba ka cikin wannan tsarin, babu hanyar da zai dawo, to ya zama ɓangaren abin da kaya ya tsaya maka, a raba shi da daraja. A wannan halin fanka za ta haura 41,000, kuma ko a 40,000 ɗin faɗuwa kake yi.

Tarar jinkiri kuwa ni ba na saka ta. Ba ta cikin abin da dole sai an kashe kafin kaya ya iso, sakaci ne ko tsautsayi ya jawo ta. Ta tafi kai tsaye cikin asarar wannan zangon.

Mai Fankoki: Ina da rajista, kamfani ne, muna kai musu duk wata. Allah ya taimake ni a nan.

Ejan Apapa: A maganar tara ban bi ka ba, Malam. Ka zo tasha ka zauna wata ɗaya ka ga kwantena nawa ke fita cikin kwanakin kyauta da kamfanin jirgi ke bayarwa. Ko takardunka sun cika, ga layin duba kaya, ga jiran mota, ga mayar da kwantena babu komai bayan ta je Kano ta dawo. Abin da kusan kowa ke biya kusan kowane zuwa ai ya zama kuɗin hanya. Ni in ina yi wa mai kaya ƙiyasi sai na saka wani abu na jinkiri, in ban saka ba na yaudare shi.

Akanta Fagge: Akwai akantocin da ke tare da kai, suna cewa jinkirin da aka saba da shi ya shiga, wanda ya wuce ƙima ya fita. Damuwata ita ce wa zai ja layin. In an buɗe ƙofar nan, duk ɓarnar da aka yi sai a tura ta sito ta kwanta a matsayin dukiya. Kuma na Alhaji da bakinsa ya ce takardunsu ne suka makara.

Ejan Apapa: Na Alhaji na yarda. Ragowar ban yarda ba.

Hajiya Mai Kayan Kicin: Sannunku da ƙoƙari. Ni ba ta kwantena nake yi ba, 'yan kwalaye ne nake turowa ta kago, su auna su ce mini kaza a kilo, har da fito a ciki, in je in karɓa a ofishinsu. Ba ni da wata takardar kwastam. Ya zan yi? Sannan kuɗin jirgina da masauki in na je sarin, da kuɗin mai adaidaita da ke kai wa masu saye gida, su ma a kan kayan suke?

Akanta Fagge: Hajiya naki ya fi na kowa sauƙi, tunda da kilo aka caje ki, da kilo za ki raba. Ki sa ƙaramin sikeli a shago, ki auna guda ɗaya na kowane iri da kwalinsa, ki ninka da kuɗin kilo, ki ɗora a kan abin da kika saye shi. Za ki ga tukunyar ƙarfe da cokulan roba ba su yi kusa da juna ba. Motar da ta ɗauko kayan daga ofishin kago zuwa shagonki ita ma ta shiga. Mai adaidaitan da ke kai wa masu saye bai shiga ba, wannan kuɗin sayarwa ne, kaya ya riga ya iso kafin shi. Hayar shago da ta sito ma haka. Tikiti da masauki ni ina barin su a kuɗin tafiyar da kasuwanci, amma ki riƙa tuna su in za ki sa farashi, don daga ribar nan za su fita.

Hajiya Mai Kayan Kicin: Na gode ɗana, Allah ya yi albarka. Sikelin ma akwai shi, na auna fulawa ne.

Yaron Alhaji: Assalamu alaikum iyayena, ni ne mai riƙe littafin, Baba ya sa aka saka ni. Abin da ya sa na rubuta kuɗin kaya daban da sauran kuɗaɗen, takardun ba tare suke zuwa ba. Ta mai kaya ta zo tun kaya na kan ruwa, ta kwastam daga baya, ta ejan kuwa sai da muka yi nisa da sayarwa. In jira su duka kafin in shigar da kaya?

Akanta Fagge: Kar ka jira. Ranar da kaya ya shigo sito, yawancin kuɗin ka riga ka san su: dakon jirgi, fito, tirela. Wanda bai zo ba ka tambayi ejan ƙiyasi ka saka, ka rubuta shi a matsayin bashin da ake binku. Misali ka saka miliyan 2 na ejan da tasha, takarda ta zo da 2.4 bayan an sayar da rabi. Ƙarin 400,000 ɗin sai ka raba shi: 200,000 ya bi kayan da suka tafi, ya shiga uwar kuɗin abin da aka sayar, 200,000 ya hau kan na sito. Kar ka jibga shi duka a kan na sito, za ka kumbura su ba gaira ba dalili. Ka buɗe wa kowace kwantena shafinta da lambarta, duk rasit ɗin da ya zo ka rubuta lambar a kansa.

In a Excel kake, sa jimlar kuɗin da wuri ya jawo a B1, CBM na kowane kaya a D5 da D6, sai wannan:

```
=$B$1*D5/SUM($D$5:$D$6)
```

Yaron Alhaji: ERPNext, manhajar lissafin kasuwanci, muka fara amfani da shi bana, Excel ɗin na gefe ne.

Mai Kwamfuta: To akwai Landed Cost Voucher a ciki, don wannan aka yi shi. Ka jawo Purchase Receipt na kwantenar, ka zuba kuɗaɗen. Sai dai wajen Distribute Charges Based On zaɓi uku ne, Qty da Amount da Distribute Manually, babu na CBM. Na fito ka yi masa takarda ɗaya da Amount. Na dako ka lissafa a Excel da abin da Malam ya ba ka, ka yi wata takardar da Distribute Manually ka shigar da hannu. In ka tabbatar da ita zai koma baya ya gyara har kayan da aka riga aka sayar. Abin da ke kama mutane shi ne su shigar da takardar mai tirela a asusun kashe-kashe na yau da kullum, sannan su sake ɗora ta a kan kaya ta wani asusun, sai lissafin ya rabu gida biyu ba a gane inda aka kwana. Duka biyun su bi ta asusu ɗaya, Expenses Included In Valuation. In kwantena ta kammala, abin da ya shafe ta a asusun nan ya kamata ya koma sifili. In ka ga saura, ko akwai rasit ɗin da ba a ɗora wa kaya ba, ko ƙiyasin da takardarsa ba ta zo ba.

Ɗan Kwari: Saura ɗaya da ba wanda ya taɓo. Abin da direba ke rabarwa a hanya daga Legas zuwa nan, wanda babu rasit, a wane layi ake sa shi?

Ejan Apapa: Yana cikin miliyan 3 ɗin mai tirela, shi ya sa ta kai 3.

Akanta Fagge: In yana cikin jimlar da mai mota ya ba da rasit a kai, dako ne, an gama. Wanda aka miƙa daban ba takarda, ni ba ni da abin da zan nuna wa mai binciken littafi ko jami'in haraji, don haka ba na sa hannu a kansa.

Ɗan Kwari: Amma dai ya fita daga aljihu.

Mai Fankoki: Wannan ku ci gaba da shi. Ni na kira 'yan sarin na ce musu 40,000 ba ragi, biyu sun ce za su yi shawara. Ejan, kwantena ta gaba ina so a tambayar mini masu fankar ko za su iya turo ta a warwatse, kai daban ƙafa daban, mu haɗa a nan. Nawa CBM zai ragu, kuma fiton zai canza?

Ejan Apapa: Sa su turo maka girman kwalin da hoton yadda za su shirya shi, in duba lambar kwastam da kayan zai faɗa a kai kafin ka buɗe Form M, takardar shigo da kaya.